Kilo da tan a kolum ɗaya: yadda lissafin masara ke lalacewa ba wanda ya sani

Ta yaya za a ce manoma goma sha biyu sun kawo masara, wanda ya kawo mafi ƙaranci a cikinsu ya kawo kilo 1,800, amma da aka fitar da matsakaicin abin da kowa ya kawo sai kwamfuta ta ce kilo 1,701? Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan bayani, domin duk lokacin kaka sai ka ji irin wannan rigimar a ƙungiyoyin manoma da masu tara hatsi a nan Kaduna, daga Saminaka zuwa Giwa zuwa Soba, ana ta zargin sakatare ya ci amana ko kuma a ce kwamfuta ce ta yi kuskure, alhali sau da yawa ba ko ɗaya. Abin da ya faru shi ne wani ya rubuta nashi da kilo, wani ya rubuta da tan, duk aka zuba a kolum ɗaya.

Na taɓa zama da sakataren wata ƙungiya ina taya shi duba irin wannan takarda, mutumin kirki, gumi duk ya jiƙa mishi riga saboda washegari zai karanta rahoto gaban dattawa. Yana ta ce min, "Malam, wallahi ban taɓa komai ba, yadda aka turo min haka na zuba." Kuma gaskiya ya faɗa. Lambobin da zan yi aiki da su a nan na rage su na gyara su don misali ya yi sauƙin bi, amma yanayin matsalar haka yake.

Asalin matsalar: kwamfuta ba ta san masara ba

Tan ɗaya kilo 1,000 ne. Idan ana maganar buhun masara da aka saba kira mai kilo ɗari, tan ɗaya buhu goma kenan. Saboda haka mutumin da ya kawo buhu 22 zai iya cewa kilo 2,200, zai iya cewa tan 2.2, kuma duk gaskiya ya faɗa. Kai ɗan Adam kana ganin 2.2 kusa da 2,400 za ka gane abin da ake nufi, amma Excel lamba kawai take gani, a wajenta 2.2 ya fi 2,400 ƙanƙanta sau dubu da ɗoriya, shikenan, ba ta da hanyar sanin cewa ɗaya tan ne ɗaya kilo.

Kuma abin ba da gangan yake shigowa ba. Yawanci mutum biyu ko uku ne ke tattara bayanan. Yaron da ke tsaye bakin sikeli yana rubuta abin da sikeli ya nuna, wato kilo. Shi kuma wanda ke hulɗa da manyan manoma da 'yan kamfanin abincin kaji bakinsa ya saba da tan, don su da tan suke ciniki. Kowa ya turo nashi, sakatare ya kwafa ya liƙa a ƙasan na ɗan'uwansa, kan kolum ɗin kuma abin da aka rubuta kawai shi ne "nauyi" ko "adadi", ba a ce na me ba.

Mu bi misalin a hankali

Manoma takwas an rubuta nasu da kilo: 1,800 da 2,100 da 2,400 da 2,500 da 2,600 da 2,800 da 3,000 da 3,200. Idan ka haɗa su za ka samu 20,400. Sauran huɗun an rubuta nasu da tan: 2.2 da 2.7 da 3.1 da 3.6, wato a gaskiya kilo 11,600 ne tsakaninsu. Jimillar masarar da ke cikin sito kilo 32,000 ce, tan 32 cif, idan ka raba wa mutum goma sha biyu kowa ya tashi da kusan kilo 2,667.

Toh amma Excel da ta haɗa kolum ɗin sai ta ɗauki waɗancan huɗun a matsayin 11.6 kacal, jimilla ta zama 20,411.6, ta raba gida goma sha biyu ta ba da 1,701. Kaga an yi asarar sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar a kan takarda, tana nan jibge a sito amma lissafi bai san da ita ba. Abin da ya fi damuna da wannan lamba ta 1,701 shi ne ba ta da alamar kuskure ko kaɗan. Da ta fito 17 ko miliyan ɗaya da kowa ya ce a'a a sake dubawa. Amma 1,701 lamba ce da za a iya yarda da ita, wani ma zai ce ai bana taki ya yi tsada ruwa kuma ya ɗauke da wuri shi ya sa amfanin ya ragu, a samo wa kuskure dalili a zauna a kai.

Wasu masu ɗan sanin lissafi za su ce ai shi ya sa ake amfani da lambar tsakiya, wato ka jera lambobin daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki wadda ta faɗo tsakiyar layi, abin da `MEDIAN` ke yi. Gaskiya ne ta fi juriya, amma ita ma ba ta tsira ba. A lissafin gaskiya tsakiyar 2,650 ce. A gurɓataccen kuwa mutum huɗun nan duk sun gangara ƙasan layi sun ture tsakiyar zuwa 2,250. Ta rage ɓarnar, ba ta kawar da ita ba.

Idan abin ya juya kuma, wato kolum ɗin na tan ne mutum ɗaya ya shigo da kilo, nan ɓarnar sama take yi. Ka ɗauka duk sha biyun an rubuta da tan sai mai 2.5 aka rubuta mishi 2,500. Matsakaici zai tashi daga tan 2.67 ya koma kusan tan 211. Wannan kam da wuya ya wuce ba a gani ba, shi ya sa ni ban cika jin tsoronsa ba kamar na farkon.

Me ya sa gwajin bare bai kama su ba?

Nan ne mutane da yawa ba su fahimta ba, kuma nan ne zan fi daɗewa. Masu aikin bayanai suna da abin da suke kira awutlaya, ni zan kira shi bare, wato lambar da ta ware daga 'yan'uwanta ta yi nisa har ta sa ka zargi ko kuskure ce. Akwai gwaje-gwajen da ake yi don kamo bare, kuma da yawa suna ɗauka cewa in gwajin ya ce babu bare to takarda ta wanku. Sakataren nan ma ya yi gwajin, wani ƙaninsa ɗan jami'a ya nuna mishi, kuma gwajin ya ce lafiya lau.

Gwajin da aka fi yi shi ne na rubu'i. Za ka jera lambobin ka nemo wadda ke kan kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa, da wadda ke kan kashi uku cikin huɗu, tazarar da ke tsakaninsu ita ce faɗin tsakiyar garken. Sai ka ninka wannan tazara sau ɗaya da rabi ka kafa shinge biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, duk wanda ya tsallake shinge bare ne. A Excel haka ake fitar da rubu'in biyu:

```
=QUARTILE.INC(B2:B13,1)
=QUARTILE.INC(B2:B13,3)
```

Da a ce duk da kilo aka rubuta, rubu'in ƙasa 2,350 ne na sama 3,025, tazara 675, shingen kuma ya tsaya daga wajen 1,338 zuwa 4,038. Shinge ne mai ma'ana, ya yi daidai da girman gonakin mutanen. Amma a gurɓataccen kolum, tunda masu tan sun kai huɗu cikin sha biyu, sun wuce rubu'i, shi kansa rubu'in ƙasan a cikinsu ya faɗa, ya zama wajen 3.5. Na sama 2,650. Tazara ta kumbura ta kai kusan 2,647, shingen ƙasa ya tafi wajen 3,966 ƙasa da sifiri, na sama ya haura 6,600. Babu masarar da nauyinta ke ƙasa da sifiri, saboda haka babu wanda zai taɓa tsallake shingen ƙasa har abada, 2.2 tana zaune a ciki daram.

Abin kamar ka ce ɓarayin ne aka ba su aikin auna inda za a kafa shingen gona. Su waɗanda ake nema su ne suka faɗaɗa ma'aunin da za a kama su da shi.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin shingen da ya buɗe haka yana ɓoye wasu kurakuran da ba ruwansu da tan. Ka ɗauka yaron sikeli ya juya lamba, maimakon 2,500 ya rubuta 5,200. A tsaftataccen kolum shingen sama zai tsaya wajen 4,288, nan take a kama 5,200 a koma a duba rasit. A gurɓataccen kuwa shingen ya wuce 7,000, sai ta shige salin alin.

Ɗaya gwajin shi ne na ma'aunin warwatsuwa, wanda `STDEV.S` ke fitarwa, yana nuna yadda lambobi suka bazu daga matsakaici, a ce duk wanda ya yi nisan ninki uku na wannan ma'auni bare ne. A misalinmu ma'aunin gaskiya wajen 510 ne, gurɓataccen ya kai wajen 1,307, sai ya zama 2.2 nisanta daga matsakaici ninki 1.3 ne kawai, ko rabin hanya ba ta kai ba. Akwai ƙa'ida mai sauƙi da za ka riƙe a nan: da zarar layukan da ke ɗauke da tan sun wuce ɗaya cikin goma na takardar kilo, gwajin ninki uku ba zai iya kama su ba, in kuma sun wuce ɗaya cikin huɗu, na rubu'i ma ya mutu. Waɗannan gwaje-gwaje an gina su ne don kamo ɗaya ko biyu da suka ɓace daga garke ɗaya, ba don su gane cewa garke biyu aka haɗa ba.

In an kama su ma, sai a goge

Yanzu ka ɗauka masu tan ɗin kaɗan ne, biyu cikin ɗari, gwaji ya kama su. Me ake yi? Abin da na fi gani shi ne a ce kuskure ne a goge layin. Wannan yana min ciwo ƙwarai, saboda manomi ne na gaske da masararsa ta gaske aka share daga lissafi don kawai wanda ya rubuta mishi ya saba da tan. Kuma ka lura su wa ake rubuta wa da tan, ai manyan ne, masu kawo mota guda. Kenan in ka goge su ka cire manya ka bar ƙanana, matsakaici ya sake sauka, wannan karon kuma babu wata alama da ta rage a takardar da za ta nuna an yi ɓarna.

Akwai wani tarkon mai kama da wannan wanda Excel ke yi da kanta. Idan mai rubutun ya yi ƙoƙarin taimakawa ya rubuta "2.7 tan" a cikin akwatin, Excel ba ta ɗaukar shi lamba, rubutu ne a wajenta, `AVERAGE` da `SUM` kuma tsallake rubutu suke yi ba tare da sun ce maka uffan ba. A misalinmu sai matsakaici ya fito 2,550, na mutum takwas kawai, ya yi kusa da gaskiya har ba za ka zargi komai ba, amma jimilla 20,400 ce maimakon 32,000. Hanyar ganewa ita ce ka gwada `COUNT` da `COUNTA` a kan kolum ɗin, na farko lambobi yake ƙirgawa na biyu duk akwatin da ba fanko ba, in ka ga 8 da 12 to akwai magana. Da ido ma ana gani, lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu, in dai ba wanda ya canza saitin.

Wa abin ke shafa a ƙasa

Idan rabon kuɗi ne abin yana fitowa da wuri. A ce ribar naira miliyan 3.2 za a raba gwargwadon abin da kowa ya kawo, naira ɗari kan kowane kilo, mai kilo 3,600 haƙƙinsa naira 360,000. Da gurɓataccen lissafi abin da zai faɗo mishi bai kai naira 600 ba. Wannan ba zai yi shiru ba, kafin la'asar yana ƙofar sakatare, a gyara.

Inda ba mai ƙorafi shi ne inda matsakaici ko jimilla kaɗai ke fita waje. An kira mota da lissafin tan 20 alhali kaya tan 32 ne, sai an fara lodi a ga saura jibge a ƙasa a shiga neman wata motar da tsada. An kai rahoto wajen masu ba da rance ko tallafin taki an nuna musu ƙungiya ta gaza abin da take iyawa, a rage mata kaso. Babu sunan kowa a kan matsakaici, shi ya sa babu wanda ke zuwa ya ce nawa ba daidai ba ne, haka lambar za ta yi ta yawo daga rahoto zuwa rahoto.

Yadda ake ganewa kafin a fara lissafi

Abu na farko ba ya buƙatar wata fomula: ka jera kolum ɗin daga ƙarami zuwa babba ka karanta da idonka. Za ka ga 3.6 sai kawai 1,800 a ƙasanta, babu komai a tsakani. Gonakin mutane ba sa tsalle haka, in akwai ƙanana da manya za ka ga 400, 700, 1,200 suna hawa a hankali. Rami mai faɗin ninki ɗari biyar a tsakiyar layi alama ce ta ma'auni biyu. In layukan sun kai dubbai ido ba zai iya ba, sai ka buɗe kolum a gefe ka sa wannan:

```
=INT(LOG10(B2))
```

Abin da take yi shi ne ta gaya maka ajin girman lambar, daga 1 zuwa ƙasa da 10 za ta ba da 0, dubbai za ta ba da 3. Sai ka ƙirga, in ka ga tari a 0 da tari a 3 babu kowa a 1 da 2, ka gama gano ta. Daga nan ka duba su wa suka turo layukan da ke 0, sau da yawa za ka tarar duk daga hannun mutum ɗaya ne ko cibiya ɗaya ko rana ɗaya. A takardar sakataren nan duk huɗun daga waya ɗaya suka zo. Ya kira mutumin a gabana, ya ce, "Alhaji, don Allah 3.6 ɗin nan da ka turo na mene ne?" Ya ce, "Tan mana, ai buhu talatin da shida ne." Magana ta ƙare a minti ɗaya.

In akwai kolum na girman gona shi ma shaida ne mai ƙarfi. Mutum mai hekta ɗaya ba zai girbe kilo biyu da ɗigo biyu ya ɗauko ya kawo sito ba.

Gyara, da saɓanin da ke cikinsa

A nan masu aikin sun rabu. Wasu suna cewa a sa doka ɗaya a wuce wurin, duk lambar da ba ta kai ɗari ba a ninka ta da dubu. Na fahimci dalilinsu, aiki ya yi yawa lokaci ya ƙure, kuma a misalinmu dokar za ta yi daidai. Amma ni ban yarda da ita a makance ba, saboda a kasuwanninmu ma'auni ba biyu ba ne kawai. Idan ka ga 25 a kolum ɗin, tan 25 ne ko buhu 25? In buhu ne kilo 2,500 kenan, dokar kuma za ta mayar da shi 25,000, ka ƙirƙiri sabon kuskure ninki goma da hannunka. Ko wata baiwar Allah ta kawo kilo 80 na gaske daga 'yar gonar bayan gida, doka ta mayar da ita mai tan 80. Shi kansa buhun ba ɗaya ba ne, na taki kilo 50 ne, na masara ana cewa ɗari amma cikarsa ta danganta da wanda ya ɗura da kuma bushewar hatsin. Kai har tan ɗin ma iri-iri ne in takarda daga waje ta zo, na Amurka wajen kilo 907 ne, tsohon na Ingila wajen 1,016, wannan bambancin kuwa ƙarami ne da babu jeri ko gwajin da zai nuna maka shi, sai dai ka tambayi wanda ya aiko.

Wasu kuma suna cewa a tilasta kowa ya rubuta da kilo tun daga tushe. Yana da kyau ga wanda ke bakin sikeli. Amma wanda ke tambayar manomi a gona, in ka tilasta mishi juya buhu zuwa kilo da ka, can ma za a yi kuskure, kuma wannan ba za ka taɓa gano shi ba tunda asalin abin da manomin ya faɗa ya ɓace.

Abin da nake yi kuma nake ba da shawara shi ne kolum uku, wato B da C da D. Na farko lambar yadda aka faɗe ta, ba a taɓa ta ko da an gano kuskure. Na biyu ma'aunin, kilo ko tan ko buhu, a sa shi ya zama zaɓi ta `Data Validation` don kar wani ya rubuta "tan" wani "ton" wani "tn". Na uku shi ne kilo, fomula ce ke cika shi, kuma a kansa kaɗai ake yin matsakaici da gwajin bare:

```
=IF(C2="kilo",B2,IF(C2="tan",B2*1000,IF(C2="buhu",B2*100,NA())))
```

Wannan `NA()` na ƙarshe da gangan na sa shi. Duk layin da ba a faɗi ma'auninsa ba zai nuna `#N/A`, jimilla da matsakaici su ma su ƙi fitowa har sai an koma an tambaya. Mutane ba sa son ganin wannan alamar a takardarsu, amma gara lissafi ya tsaya cak da ya ba ka 1,701. Ɗarin da ke cikin fomular kuma na buhun masara ne, in kayan taki ne ko citta daga Kachia ko Kafanchan, sai an auna buhun wurin a sa nauyinsa na gaske.

Da muka yi wa takardar sakataren haka, muka sake gwajin rubu'i a kan kolum na uku, shinge ya dawo 1,338 zuwa 4,038, duk sha biyun suna ciki. Ya ɗauki littafin sito ya ƙirga buhunan da aka shigar, 320, ya ninka da ɗari, ya dubi 32,000 da ke ƙasan kolum ɗin, sannan ya tafi buga rahotonsa.